Kimiyya a Sauƙaƙe: Me Ya Sa Tasha Biyu Ke Magana Tare a Rediyo?

Duk wanda ya taɓa murɗa ƙaramar rediyo da daddare a kan matsakaicin zango ya san wannan matsalar: kana sauraron labarai, sai ga kiɗan wata tasha yana kutsowa ta ƙasa. Eriya ba ta zaɓe, duk tashar da ta iso gare ta kamawa take yi. Mai tacewar wani ɗan haɗi ne na abubuwa uku: koyil da ake rubutawa L, kafasita da ake rubutawa C, da rizista da ake rubutawa R. Yau za mu duba su idan an haɗa su kafaɗa da kafaɗa, wato haɗin faralel, inda kawunan ukun ke kan waya ɗaya, ƙafafunsu kuma kan ɗayar. A nan ne ɗalibai da dama ke zubar da maki a jarrabawa, domin ƙa'idar R a wannan haɗin kishiyar wadda suka haddace ce a haɗin jere.

Koyil da kafasita halinsu ya sha bamban. Idan mita ta yi ƙasa, lantarki na ratsa koyil cikin sauƙi. Idan ta yi sama, kafasita ce ke ba shi hanya. Ko ta wace fuska, siginar ta zurare ƙasa ta ɓace. Amma akwai mita ɗaya tak inda turjiyar su biyun ke zuwa daidai. A nan sai su riƙa miƙa wa juna kuzari kamar lilo, wannan ya karɓa wancan ya mayar, abin da suke ja daga waje ya soke juna. Mai kallo daga waje R kaɗai zai gani, turjiyar haɗin ta kai ƙololuwa, boltej ma haka. Wannan ita ce mitar amsawa.

```
f0 = 1 / (2π√(LC))
```

Mu ɗauki koyil mai mikrohenri 200 da kafasita mai fikofarad 200, irin girman da ake samu a rediyon matsakaicin zango.

```
LC = (200×10^-6)(200×10^-12) = 4×10^-14
√(LC) = 2×10^-7
f0 = 1 / (6.283 × 2×10^-7) ≈ 796 kHz
XL = 2π f0 L = 1000 Ω
```

Ke nan haɗin ya fi amsa wa kilohaz 796, kuma a wannan mitar turjiyar koyil om 1,000 ce, ta kafasita ma haka. Ku lura babu R a lissafin farko. R ba ta zaɓen tasha. Aikinta shi ne ta nuna ko zaɓen zai yi kaifi ko zai dakushe.

Ma'aunin wannan kaifin shi ake kira Q. Ku ɗauki kuzarin da ke lilo tsakanin L da C tamkar ruwa a randa, R kuma huda ce a gindinta. A haɗin faralel, R wata hanya ce ta gefe da lantarki ke sulalewa. Idan R babba ce, hudar ƙarama ce, ruwa ya daɗe bai ƙare ba, Q ya yi sama. Idan R ƙarama ce, randa ta tsiyaye nan da nan. A haɗin jere kuwa dole lantarkin ya bi ta cikin R, shi ya sa can ƙaramar R ce ke ba da babban Q.

```
Q = R / XL
BW = f0 / Q
```

Da R mai om 100,000, Q ya zama 100,000 a raba da 1,000, wato 100. Idan eriya ta turo mikro'amfiya 10, boltej a kan haɗin zai kai bolt 1, amma lantarkin da ke zagaye tsakanin koyil da kafasita mili'amfiya 1 ne, ninki 100 na wanda ya shigo. Ma'anar Q ke nan a aikace.

Sai faɗin zango, BW. Idan aka matsa sama ko ƙasa daga mitar amsawa, boltej na raguwa. Inda ya sauko zuwa 0.707 na ƙololuwarsa, ƙarfi ya koma rabi, nan ne ake sa iyaka. Tazarar da ke tsakanin iyakar ƙasa da ta sama ita ce faɗin zango. A misalinmu, 796 a raba da 100 ya ba da kusan kilohaz 8, wato daga 792 zuwa 800. A Afirka tazarar kilohaz 9 ake bari tsakanin tashoshin matsakaicin zango, don haka tashar maƙwabta tana wajen ƙofa. Ba wai ta ɓace ɗungum ba ne, rauni ta yi, shi ya sa rediyo ke da wasu matatan a gaba.

To daga ina R mai om 100,000 ta fito, alhali in kun buɗe rediyo ba za ku ga rizista a wurin ba? Wayar koyil ce. A ce turjiyar wayar a wannan mitar om 10 ce. Idan Q babba ne, ana mayar da ita kwatankwacinta na faralel ta hanyar ninka XL da kansa a raba da ita: 1,000 sau 1,000 a raba da 10, ya ba da 100,000. Don haka waya mai ƙarancin turjiya ita ke ba da babbar R ta faralel.

Yanzu ga inda aiki ke lalacewa. Ɗalibi ya haɗa wannan da'ira, sai ya jona mata sashe na gaba kai tsaye, mai turjiyar shiga om 25,000. Wannan sabuwar huda ce a randa. Om 100,000 da 25,000 a faralel sun koma 20,000. Q ya faɗo zuwa 20, faɗin zango ya buɗe zuwa kusan kilohaz 40, kilohaz 20 ta kowane gefe. Tashoshi biyu na sama da biyu na ƙasa duk sun shigo ɗaki. Alamar a bayyane take: murya ta yi ƙasa, tasha ɗaya ta mamaye wuri mai faɗi idan ana murɗawa, muryoyi kuma suna cakuɗuwa, amma wurin da tashar ta fi ƙarfi bai gusa ba. Idan kuwa tashar ta bar wurinta gaba ɗaya, to L ko C ne ya canza. Maganin da masu ƙera rediyo ke yi shi ne su naɗa wani ɗan koyil mai zagaye kaɗan a kan sandar ferait ɗin, su ɗebi siginar daga nan, don kada nauyi ya danne haɗin.

Kada kuma ku ɗauka babban Q kullum alheri ne. Tashar tana buƙatar wajen kilohaz 4.5 ta kowane gefe domin ɗaukar murya. Da Q zai kai 400, faɗin zango zai tsuke zuwa kilohaz 2, siraran sautuka su yanke, mai karanta labarai ya koma kamar mai magana daga cikin rijiya.

Ga aikin gida. Ku bar koyil a mikrohenri 200, R a om 100,000, ku rage kafasita zuwa fikofarad 50. Ku nemo mitar amsawa, da Q, da faɗin zango, sannan ku faɗi ko tace tasha ya ƙara sauƙi ko wuya. Amsa na nan tafe a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.