Ba idonsa ne ya hana shi rajista ba, div ɗinka ne

1/ 'Yan uwa masu haɗa shafuka, musamman masu yi wa makarantu fotal ɗin rajista, yau da ku nake. Ɗalibi makaho zai cike fom ɗinku daga farko har ƙarshe, ya zo wajen turawa ya tarar babu maɓalli. A idonku akwai shi, shuɗi, gwanin kyau. A wajensa babu.

2/ Wasu har yanzu mamaki suke wai makaho na amfani da waya. Yana yi, kuma da sauri. Android na da TalkBack, iPhone na da VoiceOver, a kwamfuta akwai NVDA, kyauta ma ake sauke ta. Sai dai a shafin yanar gizo ba kallon zanen allo suke ba. HTML ɗin da ka rubuta suke bi, su faɗa wa mutum mene ne wannan abu, kuma ya sunansa.

3/ To ga irin abin da ake rubutawa:

```html
<div class="btn" onclick="submitForm()">
  <img src="arrow.png">
</div>
```

4/ Div kwali ne kawai, ba shi da wani matsayi. Makaho a kwamfuta ba ya riƙe linzami, da kibod yake tafiya, yana danna Tab daga gurbi zuwa gurbi. Tab ba ya tsayawa a kan div. Zai tashi daga gurbin ƙarshe na fom ya faɗa can ƙasan shafi, bai ma san ya tsallake wani abu ba.

5/ Ko da ya lalubo shi ta wata hanya, hoton kibiyar ba shi da alt. Ko manhajar ta yi shiru, ko ta karanto masa sunan fayil. Kai a ce ka ji "arrow.png", za ka danna? Tura fom ne, ko komawa baya ne da zai share duk abin da ka cike? Caca kenan.

6/ Gyaran layi ɗaya ne:

```html
<button type="submit">Tura fom</button>
```

Tab zai tsaya a kansa, Enter da Space duk za su danna shi, manhajar za ta faɗi sunansa ta kuma ce maɓalli ne. Burauza ce ta yi maka duk wannan, ba ka biya ko sisi ba. Kala da siffa kuma CSS na nan, ka yi masa kwalliyar da ka ga dama.

7/ Na san wani zai ce ai sai ya ƙara wa div ɗin role="button". Malam, wannan laƙabi ne kawai ka ba shi. Sai ka sake ƙara tabindex="0" kafin Tab ya iso shi, sannan ka rubuta JavaScript da zai saurari Enter da Space. Wahala uku don ka kwaikwayi abin da ke gabanka a shirye. Haba.

8/ Hujjar da ta fi ɓata min rai ita ce "ai makafin ba su da yawa, su je kafe a cike musu." Ka san me ka ce kuwa? Ka ce baligi, ɗan jami'a kamarka, ya biya kuɗin mota, ya biya mai kafe, ya karanta wa baƙo kalmar sirrinsa da ƙarfi a gaban layi, baƙon ya ga sakamakonsa da lambar wayarsa. In kuma mai kafe ya zaɓar masa kwas ɗin da ba nasa ba, shi zai ɗauki asarar. Kowane zango haka.

9/ Kuma ba alfarma ake roƙo ba. Tun watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Najeriya.

10/ Akwai kuma masu gani dishi-dishi, waɗanda ba sa kunna TalkBack amma rubutu mai launin toka a kan fari yake kashe musu ido. Ƙa'idar WCAG ta ce bambancin hasken rubutu da bangonsa ya kai 4.5:1 ga rubutu na yau da kullum. A kan fari, #767676 da ƙyar ya haye, #999999 kuwa ya faɗi warwas. Ka fito da wayarka rana tsaka ka duba shafinka, kai ma za ka ɗanɗana.

11/ Gwajin ba ya cin minti goma. Zare linzami, buɗe fom ɗinka, ka yi rajista da Tab da Enter kawai. Duk inda ka rasa a ina kake, duba CSS ɗinka, galibi wani ya sa outline: none don wai zoben nan yana ɓata ado. Cire shi.

12/ Sannan ɗauki waya, shiga Settings, Accessibility, kunna TalkBack (fara gane yadda ake kashe shi, kar ka zo kana zagina). Shafa yatsa dama don matsawa gaba, taɓa sau biyu don dannawa. Duk inda ka ji ta ce "button" kawai babu suna, rubuta wurin. Wanda ya gwada fotal ɗinsa ya zo ya faɗa mana guda nawa ya ƙirga.