Wasiƙa Zuwa ga Akantoci da Masu Haɗa Albashi: Ku Bayyana wa Ma'aikaci Harajinsa

'Yan'uwana abokan sana'a,

Duk lokacin da aka yi ƙarin girma, sai ma'aikaci ya shigo ofishinmu da takardar albashinsa a hannu, ransa a ɓace, yana cewa an jefa shi matakin haraji na sama, ƙarin zai tafi a banza. Har akwai masu gudun ƙarin saboda wannan tsoro. Abin da ya fi damuna shi ne amsar da wasunmu ke bayarwa: "Malam, yanzu kai ɗan kashi 18 ne." Wannan amsa rabin gaskiya ce, kuma ita ke raya tsoron.

Dokar harajin Najeriya ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ta yanka kuɗin shigar mutum na shekara mataki-mataki. Naira 800,000 ta farko babu haraji a kanta. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire mata kashi 15 cikin ɗari, sannan miliyan 9 ta gaba kashi 18, haka ake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Kamar mai cika buhuna ne, sai ɗaya ya cika ake zuba na gaba, kuma kowane buhu da kuɗin da ake biya a kansa. Buɗe sabon buhu ba ya canza kuɗin waɗanda aka riga aka ɗinke.

Mu ɗauki ma'aikacin da kuɗinsa na shekara, bayan an cire fansho da sauran rangwamen da doka ta yarda, ya kama naira miliyan 2.8. In aka ware 800,000, saura miliyan 2, kashi 15 ɗinta naira 300,000 ke nan, wato 25,000 a wata. Sai aka yi masa ƙarin da ya ɗaga wannan kuɗi da naira 600,000, ya koma miliyan 3.4. Naira 200,000 ta farkon ƙarin ita za ta ƙarasa cika matakin kashi 15, harajinta 30,000. Ragowar 400,000 ce kaɗai ta tsallaka matakin kashi 18, harajinta 72,000. Harajinsa na shekara ya zama 402,000, wato 33,500 a wata, kuma daga cikin ƙarin naira 498,000 ta rage a aljihunsa.

A nan ne nake so ku tsaya ku nuna masa lambobi biyu. Kashi 18 shi ne kason matakinsa na ƙarshe, abin da za a cire daga kowace naira da ta ƙaru daga yanzu. Da shi zai auna ko aikin bayan lokaci ko wani ƙarin zai biya shi. Amma abin da yake biya a zahiri, in aka raba 402,000 da miliyan 3.4, bai kai kashi 12 ba, a da kuwa yana dab da kashi 11. Tsallakawar da ta hana shi barci kuma, bambancin kashi 3 ne a kan 400,000, naira 12,000 a shekara, dubu ɗaya kacal a wata. Ku faɗa masa wannan dubu ɗayan da bakinku, domin ta fi kowane dogon bayani kwantar da hankali.

Kuskuren da ya fi muni shi ne na akantan da ya ɗora kashi 18 a kan kuɗin gaba ɗaya. Zai cire 612,000, ya zalunci bawan Allah da naira 210,000 a shekara. Gane shi ba wuya: ku raba harajin da kuɗin da aka yi lissafi a kansa. Muddin akwai matakin farko mara haraji, dole amsar ta gaza kason matakin ƙarshe. In ta zo daidai da shi, lissafin ya ɓaci, a koma a duba.

Haka nan in ma'aikaci ya ce abin da ya shigo asusunsa ya ragu bayan ƙari, kada ku ɗora wa matakan haraji, tsarin ba ya haifar da haka. Ku duba cirar bashi, ko ta ƙungiyar adashe, ko wani alawus da aka janye. Ku kuma tuna cewa kashi 8 na fansho yana hawa tare da albashi, kuma ana cire shi kafin a lissafa haraji.

Roƙona gare ku, duk wanda aka yi wa ƙari, ku haɗa masa da 'yar takarda mai layi uku: harajinsa na da, na yanzu, da abin da ya rage masa daga ƙarin. Haƙƙinsa ne ya san inda kuɗinsa ya tafi, kuma amanar tana wuyanmu.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a.