Ra'ayinmu: Hoton fasfo ba na ado ba ne

Daga Bana ko Gaya zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 300 ce. Duk wanda ya yi wannan tafiya da takardun neman biza ko fasfo, aka mayar masa da hotonsa aka ce ya sake, ya san takaicin da ke ciki. Mutane da dama kan ɗauka tsangwama ce daga jami'i. A ganinmu, idan manhaja ta taɓa hoton, jami'in ne ke da gaskiya.

Dalili shi ne hoton takardar shaida ma'auni ne. A ƙa'idar Hukumar Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, fasfo na zamani yana ɗauke da hoton mai shi a cikin ɗan guntun na'urar da aka saka a jikinsa. A filin jirgi kyamara kan ɗauki fuskar matafiyi ta gwada da wancan hoto. Tana la'akari da tazarar idanu, faɗin hanci, tsarin haɓa da makamantansu. Waɗannan ne kuwa manhajojin gyaran fuska ke canzawa.

A ɗauki misalin matashin da ke neman bizar shiga Turai. Ana buƙatar hoto mai faɗin milimita 35 da tsawon 45, wanda bai wuce wata shida ba, kuma kai, daga haɓa zuwa ƙoluwa, ya kasance milimita 32 zuwa 36. Ya ɗauki hoton da kyamarar gaba ta wayarsa, bai san tsarin da ake rubutawa "Beauty" ko "Beauté" a kunne yake ba. Wayar ta haska fatarsa, ta rage kumatunsa, ta ƙara girman idanunsa, ta kuma shafe tsagar gado da ke kuncinsa. Mai shagon hoto kuma ya yanke bangon ɗakin da kwamfuta ya sa fari, gefen kunne ya tafi tare da bangon. Girman hoton ya yi daidai, amma jami'i na kallon mai tsaga a gabansa, a takarda kuma babu ita. Bai kamata ya karɓa ba, domin in ya karɓa, wahalar ta koma wata iyaka mai nisa, inda babu wanda ya san matashin.

Akwai kuma dalilin tsaro. 'Yan damfara kan haɗa fuskokin mutum biyu su zama hoto ɗaya da ke kama da kowannensu, sai mutum biyu su yi tafiya da fasfo ɗaya. Wannan ne ya sa tun ranar 1 ga Mayun 2025 Jamus ta koma karɓar hoton da aka ɗauka a ofis, ko wanda mai hoto ya aika wa hukuma kai tsaye ta amintacciyar hanya. Jami'i ba shi da hanyar bambanta wanda ya goge ƙuraje don kwalliya da wanda ke ɓoye wani abu, shi ya sa ƙa'idar ta hau kan kowa.

Lamarin ya ƙara shafar mutanen iyaka da 'yan ci-rani. Masu iyali a Kamba ko Birnin Kabi sun san cewa tun Janairun 2024 mai neman fasfon Najeriya shi ke ɗora hotonsa a shafin hukumar shige da fice. Ko inda ake sake ɗaukar hoto a ofis, wanda aka gabatar tun farko dole ya dace da fuskar da ta zo.

Gane hoton da aka taɓa ba shi da wuya. A faɗaɗa shi a waya a duba: fatar da ta yi sumul kamar roba, farin layi a gefen kunne ko hijabi, da tabon da ke hagu ya koma dama, duk alamu ne. Maganinsa kuma a kashe tsarin gyaran fuska, a tsaya gaban farin bango ko farin yadi a cikin hasken rana mara zafi, wani ya ɗauka da kyamarar baya daga ɗan nesa. Hijabi ba laifi ba ne muddin fuska ta fito daga goshi zuwa haɓa.

Muna kira ga masu shagunan hoto a Gaya su daina "gyara" wa abokan ciniki hoton takarda, ko da sun roƙa. Hukumomi kuma su liƙa ƙa'idojin da misalan hotuna a komisariya da ma'aikatun magajin gari, su sa a bayyana su da Hausa da Dendi a gidajen rediyo. Bai dace mutum ya fara jin ƙa'ida ba sai bayan ya biya kuɗin mota zuwa Yamai.