Ku daina ƙara fitila, ba haske ne matsalar rendarku ba

1/
Masu Blender, ku matso kusa. Akwai wata ɗabi'a da nake so mu bari: renda ta fito da duhu sai mu ƙara fitila, ta fito fari fat sai mu rage. Ni ma na yi, kuma ta ci min dare uku da kuɗin caji. Zaren da ɗan tsawo, amma lamba ɗaya kawai nake so ku riƙe, 128.

2/
Zangon karatun da ya wuce wani ya ba ni aikin zana tsohon gidan ƙasa. Na ɗauki hoton katanga da wayata, jar ƙasa mai kyau, na shimfiɗa shi a jikin ginin a matsayin teksca. Da na yi renda sai katangar ta fito a koɗe kamar an yi mata wankan toka. Na rage hasken rana, katanga ta ɗan dawo, amma ƙofa da bishiya suka shige duhu. Na ƙaro fitila, katanga ta sake koɗewa. Haka na yi ta zagaye.

3/
Ashe fitilun ba su yi min laifin komai ba. Wani ɗan akwati ne a jikin Image Texture mai suna Color Space. Na kwafo shi daga wani tsohon aiki yana kan Non-Color, ban lura ba. Na mayar da shi sRGB, shi ke nan, katanga ta dawo yadda na gan ta da idona.

4/
To me ya faru a ciki? A hoto na yau da kullum, irin JPG da PNG, kowane launi lamba ce daga 0 zuwa 255. 0 baƙi, 255 fari. Kowa zai ɗauka 128 rabin haske ne. Ba haka ba ne fa. Idan sikirin ya nuna 128, hasken da ke fitowa kusan kashi 22 cikin ɗari ne kawai na hasken fari. Rabin haske na gaskiya yana wajen 188.

5/
Da gangan aka yi haka, saboda yadda idonmu yake. An ɗauke wuta ka kunna kyandir ɗaya, ɗaki ya canza gaba ɗaya. Ka kunna wannan kyandir ɗin a tsakar gida da azahar, ko kallonsa ba wanda zai yi. Ido ya fi gane bambanci a cikin duhu. Tunda matakai 256 kacal gare mu, sai aka ba ɓangaren duhu kaso mafi tsoka. Wannan lanƙwasar ita ake kira gamma, kuma tsarin da aka fi amfani da shi shi ne sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996.

6/
Shi kuma haske bai san wannan lanƙwasar ba. Fitila biyu iri ɗaya suna ba da ninki biyu na hasken fitila ɗaya, ba ragi ba ƙari. Lissafin da ke tafiya a miƙe haka shi ne liniya, kuma a cikinsa injin renda yake aiki. A taƙaicen lissafi:

```
linear ≈ srgb ^ 2.2
srgb ≈ linear ^ (1/2.2)
```

Ainihin ƙa'idar sRGB ta ɗan fi wannan tsawo, amma sakamakon kusan ɗaya ne.

7/
Kenan tafiyar hoto zango uku ce. Da shigowa a warware lanƙwasar, 128 ta koma 0.22. A tsakiya a yi lissafin haske da inuwa. Da fita a sake lanƙwasawa don sikirin, 0.22 ta koma 128. Warwara ɗaya, naɗi ɗaya. Mafi yawan matsalar duhu da koɗewa daga nan take: an tsallake ɗaya, ko an yi ɗaya sau biyu.

8/
Mu ɗauki katangata. A ce launinta a hoto ja 180, kore 120, shuɗi 80. Da na bar ta a Non-Color, na ce wa Blender kar ya warware komai kenan. Ya ɗauki lambobin a yadda suke, ya yi lissafi, da fita kuma ya naɗe su. Naɗi ya hau kan naɗi. Abin da ya fito: 219, 182, 152.

9/
Ku kalli lambobin nan da kyau. Ba haske kawai ya ƙaru ba. Da can ja ya ninka shuɗi fiye da sau biyu, yanzu bai kai sau ɗaya da rabi ba. Launukan sun matso kusa da juna, shi ya sa katangar ta yi kama da atamfar da ta sha wanki da rana. Rage fitila ba zai dawo da wannan tazarar ba, zai dai ba ka koɗaɗɗiyar katanga mai duhu.

10/
Yanzu a juya. An warware hoton amma ba a naɗe shi da fita ba, ko kuma an warware shi sau biyu. Katangar nan sai ta koma 116, 48, 20. Ta yi duhu, kuma jan ya yi ƙarfi har ya ninka shuɗi kusan sau shida, kamar ƙonannen bulo. An fi haɗuwa da wannan wajen kai aiki daga wata manhaja zuwa wata, ko wajen buɗe fayil ɗin EXR, wanda liniya ne, a inda aka nuna lambobinsa kai tsaye ba naɗi.

11/
Ga yadda za ka bambance wannan da ƙarancin fitila. Kuskuren gamma ba ya taɓa baƙi ƙirin da fari tas, 0 tana nan 0, 255 tana nan 255. Tsakiya yake ci. Idan farin fenti yana nan da farinsa amma fatar mutum da ƙasa da katako sun nutse ko sun koɗe, kar ka taɓa fitila tukuna.

12/
Gwajin minti biyu da nake yi yanzu kafin kowane aiki. Ka yi hoto mai launin toka zalla, 128. Ka haɗa shi da Emission, Strength a kan 1. Ka je Color Management ka sa View Transform a Standard. Yi renda, ka auna launin da ya fito.
128: lafiya lau.
188: ba a warware ba.
55: an warware fiye da yadda aka naɗe.

13/
Dalilin da na ce Standard: daga Blender 2.80 Filmic ne ke zuwa a kunne, daga 4.0 kuma AgX. Su biyun suna danne wurare masu haske sosai don kar su ƙone, kuma suna sassauta launi. Wannan ba kuskure ba ne, zaɓi ne, kuma yana da kyau ga hoton da ake so ya yi kama da na kyamara. Amma in tambarin kamfanin wani kake yi kuma yana son jansa ya fito daidai, AgX zai sa ku yi rigima. Ka fara gano ko shi ne kafin ka zargi teksca.

14/
Wani zai ce to sai in sa komai a sRGB in huta. A'a ɗan'uwa, nan ne rami na biyu. Ba kowane hoto ne launi ba. Hoton da ke shiga Roughness ko Metallic ko Normal Map lambobi ne kawai aka ajiye a siffar hoto, ba don ido aka yi su ba, ba a taɓa lanƙwasa su ba. Ka warware abin da ba a naɗe ba, ka ɓata shi.

15/
Misali Roughness. Ka so kaushin katanga ya zama 0.5, a hoto 128 kenan. Ka bar shi a sRGB, Blender ya karanta 0.22. Ƙaramar lamba a nan tana nufin santsi. Sai ka ga katangar ƙasa tana ƙyalli kamar an shafe ta da man gyaɗa, kai kuma kana can kana rage ƙarfin fitila.

16/
Na Normal Map ya fi muni. Wannan launin shuɗi-shuɗin nasa, 128, 128, 255, ma'anarsa fuskar wurin tana kallon gaba sak. In aka karanta shi a sRGB, 128 ɗin nan biyu sun zame, fuskar ta karkace da kusan digiri 39. Haske sai ya riƙa sauka ta gefen da babu fitila, kuma layin ɗinki ya fito ɓaro-ɓaro a inda sassan UV suka haɗu.

17/
Ƙa'idar da nake bi: in tambayi kaina, hoton nan launin da ido zai gani ne, ko umarni ne ga injin? Base Color da launin Emission, sRGB. Roughness, Metallic, Normal Map, Displacement, Non-Color. Masu Unity, abu ɗaya ne: Color Space yana cikin Player a Project Settings, kowane hoto kuma yana da akwatin sRGB (Color Texture) da za ka cire wa alama in lambobi ne.

18/
Na san masu cewa ai in ya yi kyau a ido shi ke nan, wa zai auna? Na yarda ido ne alƙali a ƙarshe. Matsalar ita ce gyaran da ka yi da fitila na wannan kusurwar ne kaɗai. Ranar da mai aiki ya ce a mayar da shi yamma, ko a sa ginin cikin wani fili, komai zai watse, domin ka gyara abu ɗaya ta hanyar karkata sauran duka.

19/
Ga abin da nake nufi a lamba. Wuri yana 128, ka ninka haskensa. A liniya 0.22 ta zama 0.43, a sikirin wajen 176, ya ƙara haske kuma ana ganin komai. In a gamma aka yi lissafin, 128 sau biyu ta buga 255, fari fat. Hasken da ya kamata ya ninka sau biyu ya ninka fiye da sau huɗu. Fitilar da ba ta jin lissafi ba za ka iya tsara aiki da ita ba.

20/
Kar a ce na ce gamma abokin gaba ne. In ka ajiye liniya a matakai 256, wuraren duhu za su fito layi-layi kamar matakala, shi ya sa EXR ke amfani da bit 16 ko 32. Wasan 2D da babu lissafin haske a ciki ma zai iya zamansa a gamma lafiya. Gamma na ajiya ne da nunawa. Lissafin haske kuwa a bar wa liniya.

21/
Don Allah yau ka buɗe tsohon aikinka guda ɗaya, ka bi Image Texture ɗinka ɗaya bayan ɗaya ka duba Color Space. In ka kama Roughness zaune a sRGB, ajiye mana hoton kafin da bayan gyara a ƙasa mu gani. Ni a wancan gidan ƙasar har guda huɗu na samu bayan na katangar.