Macijin da ya shigo gida: kada mu ce dole sai mun kashe shi

Da damina ta kankama, macizai suna barin daji su nemi tudu, kuma unguwanninmu nan kudu ciyayi sun kewaye su. A ganina, al'adarmu ta rarumar sanda da zarar an ga maciji ita ke ƙara jawo mana sara.

Idan ka gan shi a waje yana wucewa, janye yara ka ba shi hanya, zai tafi abinsa. Kasa kuwa ba ta gudu, lafewa take yi ta kumbura tana huci, don haka a yi nesa da ita.

Ɓera ne ke kawo maciji gida. Masu shagon hatsi da masu kiwon kaji, a ɗora buhuna kan katako, a share tsaba, a nome ciyawa, a kwashe tarin bulo da itace daga jikin katanga, a toshe ramuka da siminti.

Idan ya shiga ɗaki, a fito da kowa, a rufe ƙofa, a kira ƙwararren mai kama maciji ko 'yan kwana-kwana. Gamsheƙa tana feshin dafi a ido daga nesa. Wanda ta fesa wa, a wanke masa idon da ruwa mai yawa, a kai shi asibiti.

Wanda aka sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire masa zobe, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa babban asibiti mai allurar dafin maciji. Allah Ya tsare mu.