Gona ce ko goma?

Wasiƙar kakanmu ta iso mini ta waya, hotonta aka ɗauka da daddare, aka ce in kwafe wa dangi. Rubutun boko ne irin na 'yan elementare na da, haruffa a sarƙe da juna, biro bai ɗaga daga takarda ba. A layi na shida na ci tura: "na biya Audu gona" ne ko "na biya Audu goma"? Ƙafa ɗaya ce tsakanin n da m, ga shi ninkin takardar ya bi ta kan kalmar. Sai na koma neman yadda tsohon ke yin m a wasu wurare, a "malam" da "kuma", na tarar kullum ƙafar ƙarshe yakan ja ta gajeriya. Hakan ya karkata ni ga goma, amma karkata ba tabbas ba ce. Don haka na rubuta [goma/gona?], wadda na fi zato a gaba. Wani ɗan'uwa ya ce wannan ragwanci ne, in zaɓi ɗaya kawai. Ban yarda ba, musamman a gidan da ba a gama rabon gado ba. Haka na yi da "baki", domin tsohon ba ya sa wa k lanƙwasa: na bar ta yadda take, na ƙara [baƙi?] a gefe. Layi na shida kuwa, na ce a shimfiɗe takardar da rana a bakin taga, a sake ɗauko mini shi kusa-kusa.