Injin waƙa bai san amshi ba, sai an faɗa masa

A ɗauka hadimin wani ɗan majalisa a Abuja an ba shi kwana biyu ya samo waƙar maraba da za a saka a taron mata a Gadau, garin da Jami'ar Sa'adu Zungur take, arewa da Azare. Ya buɗe manhajar Suno mai haɗa waƙa da ƙirƙirarriyar basira, ya nemi muryar mace mai daɗi. Abin da zai samu sananne ne: murya mai raɗa, iska na bin kowace kalma, irin ta mawaƙan Turai na zamani. Matan Katagum za su saurara cikin ladabi, amma ba wadda za ta tashi ta taka.

Hadimin ne ya jawo. Abin da taron ke bukata zabiya ce irin ta amada, kuma rubuta sunan Barmani Choge ba zai fisshe shi ba, domin manhajar kan ƙi karɓar sunayen mawaƙa. Dole a siffanta muryar kanta. Ta zabiya daga ƙirji take fitowa, ta hau sama da kaifi, da ɗan amon hanci, ba ta rawa sosai, ba ta kuma zubar da numfashi, saboda an horar da ita ne ta keta ƙarar ƙwarya da hayaniyar gidan biki tun kafin zuwan lasifika.

Babban tarkon shi ne kalmar `harmony`. Inji na fahimtarta da jera muryoyi hawa biyu ko uku, wata sama wata ƙasa, kamar ƙungiyar mawaƙan coci. 'Yan amshin Hausa kuwa, na Mamman Shata ko na amada, galibi layi ɗaya suke bi tare: jagora ya ja baiti, su karɓa. Kaurin sautin daga yawan bakuna yake zuwa. Don haka a gurbin salo gara a rubuta:

```
female lead, high chest voice, bright nasal tone, little vibrato, call and response, unison female chorus, calabash percussion
```

Abin da ba a so kuma, wato `breathy, whisper, choir harmony`, a kai shi gurbin `Exclude styles`. Rubuta `no breathiness` cikin salo kan ci tura, don ambaton kalmar kaɗai na iya janyo ta. Baitin amshi a sa shi cikin baka biyu a rubutun waƙar, manhajar kan miƙa shi ga muryoyin baya.

Akwai inda wannan dabara ba ta kai. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, inji kuwa rubutun kawai yake gani. “Gari” na mazauni da “gari” na tuwo harufansu ɗaya. Idan ya ja wasalin farko, kirarin da aka yi wa Gadau ya koma na abin tuƙa tuwo. Kafin a tura waƙar, sai a kunna wa wata 'yar yankin ita ba tare da ta ga rubutun ba, a ce ta maimaita abin da ta ji.